Ma'aunin kasuwa yana hawa, amma kamfanoni nawa ne suka hau tare da shi?

A watan Janairun 2024 babban ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wanda ake gani a allo da sunan NGX ASI, ya tashi daga maki 74,773 zuwa 101,154. Ƙarin kashi 35 cikin ɗari ke nan a wata ɗaya, kuma a cikin watan ne ya fara tsallake maki dubu ɗari tun da aka kafa shi a 1984 da maki 100. Gidajen rediyo da jaridu sun yi ta yayata labarin, har mutanen da ba su taɓa sayen hannun jari ba a nan Gombe suka fara tambayar yadda ake buɗe asusu ta waya. Amma wanda ya shiga watan da jarinsa a bankuna kawai, ya fita daga cikinsa kusan yadda ya shiga, domin ma'aunin ɓangaren bankuna ya rufe watan ƙasa kaɗan da inda ya fara. Kasuwa ɗaya, wata ɗaya, labari biyu. Abin da ya haddasa wannan bambanci shi ne yadda ake lissafa ma'aunin, kuma ina ganin duk mai duba zanen hawa da saukar kasuwa a wayarsa ya kamata ya san wannan lissafi kafin ya saka kuɗinsa.

Ma'aunin ba ya ƙirga kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, auna su yake yi. Ana ɗaukar farashin hannun jarin kowane kamfani a ninka shi da yawan hannayen jarin da kamfanin yake da su, abin da ya fito shi ne darajarsa a kasuwa. Sai a tara darajar dukan kamfanonin da ke kasuwar, wajen ɗari da hamsin, a kwatanta jimillar yau da ta jiya. Saboda haka kamfanin da darajarsa ta kai tiriliyan biyar yana da nauyin kamfani dubu masu darajar biliyan biyar-biyar. Idan ya motsa, ma'auni ya motsa. Idan ƙananan nan suka faɗi su ashirin a rana ɗaya, da ƙyar a ga alama.

Mai zuwa Tudun Hatsi zai gane wannan nan take. A ce ana lissafa darajar duk hatsin da ke kasuwar ranar, kuma masara ce ta cika rumbuna. In buhun masara ya yi tsada, jimillar za ta hau ko da wake da gero da riɗi duk sun karye, kuma mai tallan wake ba zai ga wannan hawan a aljihunsa ba.

Bari mu yi lissafin da ƙaramin misali na ƙirƙira. Kasuwa ce mai kamfani biyar. Na farko darajarsa naira biliyan 600, sauran huɗun kowanne biliyan 100, jimilla biliyan 1,000. A wani wata babban ya hau da kashi 10, ya koma biliyan 660. Ƙananan huɗun kowanne ya sauka da kashi 5, ya koma biliyan 95, su huɗun biliyan 380. Jimilla ta zama biliyan 1,040, wato ma'auni ya hau da kashi 4. Labarin da za a buga shi ne kasuwa ta yi riba. Amma kamfani huɗu cikin biyar asara suka yi. Wanda ya raba naira dubu 500 daidai wa daida a kan kamfanonin biyar, abin da ya rage masa dubu 490 ne, ya yi asarar kashi 2. Wanda kuwa bai sayi babban ba, saboda yana ganin ya yi masa tsada, asararsa kashi 5 ce. Babu wanda ya yi ƙarya a nan. Ma'aunin ya faɗi gaskiyar abin da aka gina shi ya auna, wato jimillar dukiya, ba yawan kamfanonin da suke samun ci gaba ba. Wannan tambaya ta biyu, kamfanoni nawa ne suke tafiya tare da ma'aunin, ita ce maganar faɗin kasuwa.

Yanzu mu koma Janairun 2024 da ainihin alkaluma. Dangote Cement ya rufe shekarar 2023 a kan naira 319.90, kuma yana da hannayen jari kusan biliyan 17, don haka darajarsa ta kai wajen tiriliyan 5.4. Darajar kasuwar baki ɗaya a lokacin tiriliyan 40.9 ce, nauyinsa ke nan kimanin kashi 13. Kafin watan ya ƙare farashinsa ya kai naira 763, darajarsa ta doshi tiriliyan 13. Ƙarin tiriliyan 7.5 daga kamfani ɗaya. Kasuwar gaba ɗaya kuwa ta tashi zuwa tiriliyan 55.4, ƙarin wajen tiriliyan 14.4. Ka ga fiye da rabin ribar da aka yi ta murna da ita daga hannun jari guda ɗaya ta fito. BUA Cement ma ya kusa ninkawa a watan, daga naira 97 zuwa 185, wanda ya ƙara kusan tiriliyan 3. In ka cire kamfanonin siminti biyun nan, abin da ya rage wa duk sauran kasuwar bai kai tiriliyan 4 ba, a kan darajar da ta kai wajen tiriliyan 32. Hawan kashi 12 ke nan, ba 35 ba. Kashi 12 a wata ɗaya ba abin rainawa ba ne, amma shi ma wasu manya kamar BUA Foods ne suka ɗauki kaso mai tsoka a cikinsa.

Wannan lissafin kowa zai iya yi da kansa, kuma shi na fi amincewa da shi a kasuwarmu fiye da kowane zane. Ka nemi darajar kamfanin a farkon lokacin da kake dubawa, ka raba ta da darajar kasuwa, ka sami nauyinsa. Ka ninka nauyin da yawan hawan farashinsa. Na Dangote Cement kashi 13 ne sau hawan kashi 138, abin da ya ba da wajen 18 daga cikin 35 ɗin da ma'auni ya hau. In ka yi haka ga kamfanoni biyar ko shida mafi nauyi, irin su MTN Nigeria da Airtel Africa da BUA Foods da kamfanonin simintin nan, ka tara, ka debe daga hawan ma'auni, abin da ya saura shi ne abin da sauran kamfanoni fiye da ɗari suka yi su duka.

Akwai dalilin da ya sa wannan matsala ta fi tsanani a nan fiye da manyan kasuwannin duniya. Yawancin manyan kamfanoninmu mai su ɗaya ne yake riƙe da kusan komai. Dangote Industries na riƙe da fiye da kashi 85 na Dangote Cement, a BUA Foods ma abin da ke hannun jama'a ƙalilan ne. Hannayen jarin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne, amma ma'aunin yana lissafa darajar kamfanin gaba ɗaya, har da wanda ke kulle ba a sayarwa. To idan wani mai kuɗi ya zo saye, kamar yadda aka ba da labarin Femi Otedola ya sayi hannayen jarin Dangote Cement a wancan watan, masu sayarwa ba su da yawa, farashi sai ya yi sama da sauri. Dokar kasuwa ta taƙaita hawa ko sauka a kashi 10 a rana, shi ya sa ake ganin hannun jari yana cika kashi goman nan kwanaki a jere.

Sannan a dokar da aka fara aiki da ita a 2019, wadda ita ce ke aiki a wancan watan, sai an yi cinikin aƙalla hannun jari dubu ɗari kafin farashin da ake bugawa ya canza. A farashin naira 700, cinikin naira miliyan 70 ke nan. Kuɗi ne masu yawa ga mutum ɗaya, amma ka kwatanta su da abin da suke iya motsawa: kashi 10 na kamfanin tiriliyan 12 ya haura tiriliyan ɗaya, wanda ya isa ya ɗaga ma'aunin ƙasa baki ɗaya da kashi 2 a yini guda. Ba ina cewa wani ya yi maguɗi ba ne, ina nuna yadda ƙa'idar take aiki ne. Dokar tana da wata fuskar kuma. Hannun jari mai tsada yakan yi makonni farashinsa bai motsa ba a allo, alhali ana ƙananan ciniki a ƙasa da wannan farashi, saboda babu cinikin da ya kai dubu ɗari. Sai ma'auni ya tsaya cik kamar lafiya lau, masu son sayarwa kuwa sun yi layi babu mai saye. Ranar da babban ciniki ya faɗo, farashi ya sauka da kashi 10 lokaci guda, mutane su ce abin ya zo ba zato, alhali ya daɗe yana tafe.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin siminti a Ashaka ya taɓa nuna mini takardar da dillalinsa ya turo masa a farkon Fabrairun shekarar. Ya ciro ta daga wata tsohuwar jakar leda wadda har yanzu akwai takardun shaidar hannun jari na da a cikinta, gefensu ya yi ja saboda daɗewa. Ya sa yatsa a kan layin ƙarshe ya ce, "Malam, a rediyo an ce kasuwa ta ci riba mai yawa, ni kuma ga nawa yana nan inda yake. Ko dai yaran nan sun ci mini wani abu ne?" Na ce, "Baba, bari mu duba su ɗaya-ɗaya." Bankuna uku ne da kamfanin inshora ɗaya da wani na kayan masarufi. Muka kwatanta farashin kowanne da wanda kasuwa ta buga, duk sun yi daidai. Babu wanda ya taɓa masa ko kwabo, siminti ne kawai babu a jakarsa. Abin da ya dame ni shi ne shawarar da ya zo da ita, wai ya sayar da na bankunan ya sayi wanda ke tashi. Wannan ita ce ɓarnar da rashin sanin faɗin kasuwa ke yi: mutum ya auna kansa da ma'aunin da bai yi kama da jarinsa ba, ya ga kamar an bar shi a baya, ya bi abin da ya riga ya gama gudu.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa nauyin manyan kamfanoni yana ɓoye ƙarfi kamar yadda yake ɓoye rauni. Ma'aunin ya rufe shekarar 2024 a maki 102,926, wato a cikin wata goma sha ɗaya bayan Janairu bai ƙara ko kashi 2 ba. Mai kallon zanen kawai zai ce kasuwa barci ta yi. Amma a wannan tsakanin Dangote Cement ya sauko daga naira 763 zuwa 478.80, BUA Cement ya koma ƙasa da naira ɗari, MTN Nigeria wanda ya fara shekarar a naira 264 ya ƙare a 200 bayan asarar da faɗuwar naira ta jawo masa. In manya irin waɗannan suka sauka haka amma ma'auni bai faɗi ba, dole wasu ne suka tallafe shi. Haka kuwa aka yi. Ma'aunin bankuna ya ƙare shekarar da ƙarin wajen kashi 20, na inshora da na mai da gas kowanne ya haura ninki biyu. Watan da zanen ya fi kyau shi ne kasuwa ta fi ƙunci, watannin da ya kwanta kuwa su ne riba ta bazu zuwa ɓangarori da dama.

Hanyar da aka fi sani ta auna faɗin kasuwa ita ce ƙirga waɗanda suka hau da waɗanda suka sauka. Rahoton kowace rana yana kawo jerin Gainers da Losers. Ka debe na biyu daga na farko, ka riƙa tarawa kullum. A ce Litinin 30 sun hau 20 sun sauka, kana da 10. Talata 22 sun hau 28 sun sauka, ka debe 6, saura 4. Laraba 19 da 31, ka debe 12, ka koma 8 ƙasa da sifili. In ka ci gaba da haka na wasu makonni za ka sami layi na biyu da za ka ajiye kusa da na ma'auni. Lambar kanta ba ta da wata ma'ana, inda layin ya dosa shi ne abin dubawa. Idan ma'auni yana kafa sabon tarihi amma wannan layi yana gangarowa mako bayan mako, to 'yan kaɗan ne ke ɗauke da kasuwar. Rana ɗaya ko biyu ba hujja ba ce.

Sai dai a kasuwarmu wannan ƙirga tana da nata aibun, kuma ban cika ganin masu sharhi suna faɗa ba. A yawancin ranaku fiye da rabin kamfanonin ba sa motsi sam, wasu ma ba a yi cinikinsu ba, don haka ƙirgar tana magana ne a kan wani yanki kawai. Kuma ita kowa ɗaya ne a wurinta: hannun jarin kwabo hamsin da ya ƙara kwabo biyu daidai yake da babban banki da ya hau da naira biyar. Akwai lokutan da 'yan kasuwa ke rububin ƙananan hannayen jari masu araha, jerin waɗanda suka hau ya yi tsawo, amma kamfanonin da ke cikinsa wasu sun yi shekaru ba su raba riba ba. Faɗi irin wannan ba alamar lafiya ba ne. Sannan a lokacin rabon riba, musamman daga Afrilu zuwa Yuni, ana rage farashin hannun jari daidai da ribar da aka biya, sai ya bayyana ya sauka alhali mai shi bai yi asarar komai ba. Shi ya sa nake haɗa ƙirgar da duba ma'aunan ɓangarori biyar da ake bugawa kullum, na bankuna da inshora da kayan masarufi da mai da gas da kayan masana'antu. In huɗu suna ja ɗaya ne kore, ma'auni kuma kore, ba sai an faɗa maka inda hawan ya fito ba.

To, ƙuncin kasuwa yana nufin faɗuwa na tafe? Nan ne nake rabuwa da masu cewa da zarar layukan biyu sun raba hanya a sayar da komai. Tarihin Amurka, inda aka fi daɗewa ana wannan lissafi, bai goyi bayansu ba. Layin masu hawa da sauka na kasuwar New York ya kai ƙololuwarsa a Afrilun 1998, amma ma'aunin S&P 500 bai kai tasa ba sai Maris na 2000. Gargaɗin gaskiya ne, sai dai wanda ya fita a ranar da ya gan shi ya yi kusan shekara biyu yana kallon kasuwa tana hawa. A 2023 kuma S&P 500 ya hau da kusan kashi 24, alhali nau'insa da ke ba kowane kamfani nauyi iri ɗaya bai wuce rabin haka ba, saboda manyan kamfanonin fasaha bakwai irin su Nvidia da Microsoft da Apple ne suka ja shi. An yi ta hasashen rushewa, sai 2024 ta zo ya sake hawa da fiye da kashi 20. Giɓin da ke tsakanin manya da ƙanana yana iya rufewa ta hanya biyu, ko manyan su sauko ko ƙananan su taso, kuma faɗin kasuwa ba ya gaya maka wanne ne zai faru ko yaushe. A Najeriya a 2024 duka biyun ne suka faru a lokaci guda.

Abin da yake gaya maka da gaske shi ne inda haɗari ya taru. In kamfanoni biyar ne suka kawo kashi uku cikin huɗu na hawan ma'auni, to makomar ma'aunin ta rataya a kan labarin waɗannan biyar: farashin siminti, kuɗin kiran waya, canjin dala, ko shawarar mai kamfani ɗaya. Daga nan aikin ya koma kan kamfanonin su kansu. Shin ribar da suke samu ta ƙaru daidai da farashin? Kamfanin da farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a mako huɗu, ba buhunan da yake sayarwa ne suka ninka a mako huɗun ba. In hawan manya ya zo da ƙarin riba a rahotonsu na wata uku-uku, ƙuncin yana iya daɗewa ba tare da wata matsala ba. In kuwa ƙarancin masu sayarwa ne kawai ya ɗaga shi, to ranar da masu saye suka gaji babu abin da zai riƙe farashin.

Wannan ya fi shafar mutanenmu da ke kauce wa bankunan ruwa da kamfanonin giya saboda addini. Ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda aka fara a 2012, ya tace irin waɗannan, kuma da ka cire su abin da ya rage kamfanoni ne 'yan kaɗan, mafi nauyinsu na siminti da sadarwa da abinci, sai irin su Jaiz Bank a gefe. Wato mai bin wannan tafarki yana iya samun kansa ya fi kowa dogaro da manyan nan da muke magana a kansu, ko da yana ganin ya rarraba kuɗinsa. Mutum ya sayi Dangote Cement da BUA Cement da Lafarge Africa, uwar kamfanin Ashaka, ya ce yana da kamfani uku, alhali sana'a ɗaya ce, kuma tsadar gas ko raguwar gine-gine za ta taɓa su tare. In ya ƙara da asusun haɗaka mai bin wannan ma'auni, wato asusun da ke tara kuɗin mutane ya saya musu hannayen jari, ya sake sayen su a karo na biyu bai sani ba. Takardar bayanin da irin waɗannan asusu ke fitarwa tana nuna manyan hannayen jarin da suke riƙe da su da kason kowanne. Kafin a ƙara ko naira ɗaya, a ɗauko ta a ajiye kusa da takardar dillali, a tara kason siminti wuri ɗaya, na sadarwa wuri ɗaya, na abinci wuri ɗaya, a ga nawa ne cikin ɗari na dukiyar ya tsaya a kan kowace sana'a.